Inshorar jinkiri da soke tashin jirgi: yaushe ta cancanci kuɗinta

Duk wanda ya taɓa sayen tikitin jirgi ta intanet ya san wannan ɗan akwatin da ke fitowa daf da wurin biya, inda ake cewa ka ƙara wasu 'yan kuɗi a kare maka tafiyarka. Ejan ma kan ce, "Alhaji, a sa maka da inshora?" Yawancin mutane kan yanke shawara cikin daƙiƙa biyar. Wani ya danna saboda tsoro, wani ya wuce saboda ganin ɓarnar kuɗi ne, kuma dukansu biyu ba su san abin da suka saya ko suka bari ba.

Inshorar jinkiri tana da amfani a wuri ɗaya: inda za ka yi asarar kuɗin da kamfanin jirgi ba zai mayar maka ba. Idan babu irin wannan kuɗi a tafiyarka, ba ka da bukatarta. Idan akwai, sai a duba ko takardar da ake tallata maka ta shafi wannan asarar, domin sau da yawa ba ta shafe ta ba. Aikin duka bai fi na rabin awa ba, kuma ga yadda ake yinsa.

Mataki na farko: san haƙƙinka a kan kamfanin jirgi

Kafin maganar inshora, akwai abin da doka ta riga ta ɗora wa kamfanin jirgi, wanda ka biya kuɗinsa a cikin tikiti. Mutane da yawa suna sayen inshora don abin da dama nasu ne.

A Najeriya, sashe na 19 na ƙa'idojin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama, wato NCAA, shi ne ya tsara haƙƙin fasinja. A jirgin cikin gida, idan jinkiri ya kai awa 2, kamfani zai ba ka abin taɓawa da na sha. Idan ya wuce awa 3, kana da ikon cewa ka fasa tafiyar a mayar maka da kuɗin tikitinka. Idan jinkirin ya kai ku cikin dare, tsakanin ƙarfe 10 na dare da 4 na asuba, masauki da motar kai ku da dawo da ku suna kan kamfani. Idan aka soke tashin baki ɗaya, zaɓi naka ne: ko a mayar maka da kuɗi, ko a sa ka a wani jirgin. Wanda ya biya ta banki ko ta kati, wa'adin mayar masa da kuɗinsa kwana 14 ne. Kamfanoni ba kullum suke cika wannan da kansu ba, sai fasinja ya nema, wani lokaci sai ya kai kuka teburin kare haƙƙin fasinja da hukumar ke da shi a manyan filayen jirgi. Amma haƙƙin yana nan a rubuce.

Mai zuwa Turai yana da kariya mafi ƙarfi. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta shekarar 2004 ta ce idan jirgi ya isa da jinkirin awa 3 ko fiye, kuma laifin kamfani ne, za a biya fasinja diyyar yuro 250 zuwa 600 gwargwadon nisan tafiya. Tafiyar da ta wuce kilomita 3,500, kamar daga Faris zuwa Abuja, ita ce ke cikin rukunin yuro 600. Sai dai a lura da iyakarta. Tana aiki a kan kowane jirgi da ya tashi daga ƙasar Tarayyar, ko na wane kamfani ne. A kan jirgin da ke shiga Tarayyar kuwa, sai idan kamfanin na ƙasar Tarayyar ne. Wanda ya tashi daga Kano ya bi ta Alƙahira zuwa Faris a jirgin kamfanin da ba na Turai ba, dokar ba ta kare shi a tafiya, amma tana kare shi a dawowa. Birtaniya na da irin wannan doka tata, inda mafi girman diyyar fam 520 ne.

Bayan waɗannan akwai Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Najeriya ke cikinta. Ita ta ba fasinjan jirgin ƙasa da ƙasa damar neman a biya shi asarar da jinkiri ya jawo masa, har zuwa wani iyaka da ya haura dala 8,000 tun ƙarshen 2024. Ba kuɗi ne da ake miƙawa kai tsaye ba. Sai ka nuna asarar da rasit, kuma kamfani na kuɓuta idan ya nuna ya yi duk abin da za a iya yi don kauce wa jinkirin.

A nan ne giɓin yake. Duk waɗannan dokoki suna sassauta wa kamfani diyya idan dalilin ya fi ƙarfinsa, kamar rashin kyawun yanayi ko rufe filin jirgi. Mu kuwa a Arewa, babban mai hana jirgi sauka daga Disamba zuwa Fabrairu shi ne hazo. Ranar da hazo ya rufe Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, kamfani zai iya mayar maka da kuɗin tikitinsa, amma ba zai biya ka kuɗin otal ɗin da ka kama a Madina ba, ba kuma zai saya maka sabon tikitin wani kamfani ba. Wannan giɓi shi ne kaɗai abin da inshora za ta iya cikewa.

Mataki na biyu: tikiti ɗaya ne ko biyu?

Wannan tambayar ta fi duk sauran nauyi, kuma ita aka fi mantawa. Duba takardar tikitinka, za ka ga lambar ajiye kujera mai haruffa da lambobi shida, wadda ake rubutawa PNR ko Booking Reference. Idan duk jiragen da za ka hau daga gida har inda za ka suna ƙarƙashin lamba ɗaya, tikitinka ɗaya ne. Jirgin farko ya makara har na biyu ya tashi ya bar ka, nauyin kamfani ne ya sa ka a na gaba ba tare da ka ƙara ko sisi ba. Za ka sha wahalar jira, amma aljihunka bai taɓu sosai ba.

Idan kuwa ka sayi tikitin Yola zuwa Abuja a wani kamfani, sannan Abuja zuwa Jidda a wani daban, to cinikayya biyu ka yi da mutane biyu da ba ruwan ɗaya da ɗaya. Kamfanin cikin gida ya yi maka alkawarin kai ka Abuja ne kawai. Kamfanin waje ya yi alkawarin ɗaukarka idan ka zo kan lokaci. Ba ka zo ba, sai a rubuta ka a matsayin No Show, kuma a ƙa'idar yawancin kamfanoni wannan na soke sauran tikitin har da na dawowa. Akasarin matafiya daga garuruwan da jirgin waje ba ya sauka haka suke yi, domin ba su da wata hanya. Wasu ejan kuma kan haɗa tikiti biyu su buga su a takarda ɗaya, mutum ya ɗauka guda ne. Ka ƙirga lambobin da kanka, kada ka dogara da kamannin takardar.

Mataki na uku: rubuta kuɗin da ba zai dawo ba

Ɗauki takarda ka jera duk abin da ka riga ka biya ko za ka biya kafin tafiya, sannan a gaban kowanne ka rubuta nawa zai dawo idan ba ka je ba, ko ka makara da kwana biyu. Otal da aka kama da sharaɗin Free Cancellation, wato fasawa kyauta, ba ya cikin lissafi har ranar da wa'adinsa zai ƙare. Wanda aka kama a kan Non-refundable, wato ba a mayar da kuɗi, yana ciki gaba ɗaya. Tikitin jirgi kuma sai ka buɗe ƙa'idojin farashinsa ka ga kuɗin canjin rana, da tarar rashin zuwa, da abin da ake cirewa idan an fasa. Ko a tikiti mafi araha, wani ɓangare na harajin filin jirgi kan dawo idan ba a hau ba, amma sai an nema.

Jimillar da ta fito ita ce abin da kake son karewa. Wanda zai je Legas daga Kano ya sauka gidan ɗan'uwansa, jimillarsa kusan babu ce, don haka ya wuce akwatin nan da kwanciyar hankali. Mai zuwa Umara da iyali a goman ƙarshe na Ramadan, wanda ya biya otal kusa da Harami watanni kafin lokaci, jimillarsa na iya fin kuɗin jirgin kansa.

Mataki na huɗu: buɗe takardar sharuɗɗan, ka nemi abu huɗu

Kada ka tsaya a kan tallar. A kusa da akwatin akwai wurin dannawa da ke kai ka ga cikakkiyar takardar, mai suna Policy Wording ko Terms and Conditions. Doguwa ce, amma ba duka za ka karanta ba.

Fara da Trip Delay, sashen jinkiri. Nemi adadin awannin da sai jinkiri ya kai kafin a fara biya. Wasu takardu awa 6 suke sawa, wasu awa 12, kuma tazarar da ke tsakanin biyun nan babba ce, domin jinkirin da ya kai awa 12 ba tare da an soke tashin ba bai cika faruwa kamar na awa 6 ko 7 ba. Sannan ka duba yadda ake biyan. Wata takardar kuɗi ƙayyadadde take bayarwa a kan kowane zangon awanni, wata kuma sai dai ta mayar maka da abin da ka kashe na abinci da masauki idan ka kawo rasit, har zuwa wani iyaka. A ta biyun, wanda ya kwana a kan benci bai sayi komai ba, ba shi da abin karɓa.

Sai Missed Connection ko Missed Departure, wato jirgi ya tashi ya bar ka saboda abin hawan da ya kawo ka ya makara. Ga mai tikiti biyu, wannan sashen shi ne zuciyar takardar, kuma a cikinsa aka fi ɓoye tarko. Akwai takardun da ba su da shi sam. Akwai waɗanda ke biya sai in jiragen biyu a tikiti ɗaya suke, wato daidai inda ba ka da bukatarsu. Akwai masu sharaɗin cewa sai ka bar tazarar wasu awanni tsakanin saukar jirgin farko da tashin na biyu. Akwai kuma waɗanda kariyarsu ke farawa daga lokacin da ka bar ƙasarka, ta yadda jinkirin jirgin cikin gida bai shiga ba ko kaɗan. Idan rubutun bai fito fili ba, aika wa kamfanin inshorar tambaya ta imel, ka faɗi jiragenka da lokutansu, ka ajiye amsarsu. Maganar baki ta ejan ba ta zama hujja ranar neman biya.

Na uku shi ne Trip Cancellation, kuma a nan ake yawan samun rashin fahimta. Mutane kan ɗauka yana nufin idan kamfani ya soke jirgi. A'a, wannan dama kamfanin ne zai mayar da kuɗin tikitinsa. Sashen yana magana ne a kan kai ka fasa tafiya saboda wani dalili da aka lissafa a takardar: rashin lafiya mai tsanani da likita ya tabbatar, rasuwar makusanci, gobara a gida, da makamantansu. Duba su wa takardar ke kira makusanta. Galibi mata ko miji ne, da 'ya'ya, da iyaye, da 'yan'uwa na jini, wani lokaci da surukai da kakanni. Kawu ko gwaggon da ta raine ka, wadda a wurinmu uwa ce, tana iya zama ba ta cikin jerin. Canza ra'ayi, ko rashin cikar kuɗin guzuri, ko wani aiki da ya taso a kasuwa, ba sa ciki. Hana biza ma a takardu da yawa ba ya ciki, sai an ambace shi da sunansa. Akwai wani ƙarin da ake kira Cancel For Any Reason, wato fasawa saboda kowane dalili, wanda ya fi yawa a kasuwar Amurka. Yana da tsada, yana mayar da kashi 50 zuwa 75 cikin ɗari ne kawai, kuma sai an saye shi cikin makonni biyu ko uku da fara biyan kuɗin tafiya.

Na huɗu, Exclusions, jerin abubuwan da ba a biya. Biyu daga ciki sun fi shafarmu. Ɗaya shi ne yaƙi da tarzoma da matakin gwamnati. Lokacin da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023, da lokacin da Nijar ta rufe sararin samaniyarta a watan Agusta na wannan shekarar, jirage da dama sun tsaya ko sun canza hanya, kuma irin wannan dalili ne takardun inshora na yau da kullum ke cirewa. Ɗayan shi ne abin da aka riga aka sani kafin ka saya. Idan ƙungiyar ma'aikatan filin jirgi ta sanar da yajin aiki ranar Litinin, kai kuma ka sayi inshora ranar Talata, ba za a biya ka a kan wannan yajin ba. Haka ciwon da kake da shi tun kafin saye, kamar hawan jini ko ciwon suga, idan shi ya hana ka tafiya kuma ba ka bayyana shi ba. Shi ya sa wanda zai saya ya saya a ranar da ya biya tikiti, ko cikin 'yan kwanaki bayanta.

Kafin ka rufe takardar, nemi kalmar Excess ko Deductible. Wannan shi ne kuɗin da ake cirewa daga kowane biya, a kan kowane mutum. Idan dala 50 ne, asarar dala 60 za ta kawo maka dala 10.

Misali da lissafinsa

A ɗauki mutum da maiɗakinsa za su Umara daga Yola a watan Janairu. Alƙaluman na misali ne, kowa ya sa nasa. Sun sayi tikitin safe zuwa Abuja, wanda zai sauka ƙarfe 9, da tikitin wani kamfani daga Abuja zuwa Saudiyya da ƙarfe 2 na rana, dala 900 kowane mutum. Sun biya otal na dare 10 a Madina da Makka, dala 120 kowane dare, ba a mayarwa.

Ranar tafiya gari ya waye da hazo, har ba a hango ƙarshen titin jirgi daga ɗakin jira. Jirgin da zai ɗauke su bai iya sauka ba sai da rana ta take. Suka iso Abuja ƙarfe 4 na yamma, jinkirin awa 7, jirgin waje ya riga ya tafi. Kamfanin cikin gida ya kai su inda ya ce zai kai su, kuma hazo ba laifinsa ba ne, saboda haka babu abin da zai biya a kan jirgin da ya bar su. Kamfanin waje ya yarda ya sa su a jirgin jibi, amma da tarar rashin zuwa dala 150, kuɗin canji dala 100, da bambancin farashi dala 200, wato dala 450 kowane mutum, 900 su biyu. Kwana biyu a otal a Abuja dala 120, abinci da mota dala 50. Dare biyu na Madina da aka riga aka biya sun tafi, dala 240. Asarar duka dala 1,310.

Yanzu a gwada takardu biyu. Ta farko ita ce ta ɗan akwatin nan, dala 20 kowane mutum. Sashen jinkirinta yana farawa daga awa 12, kuma ba ta da sashen jirgi ya bar ka. Jinkirinsu awa 7 ne, don haka ba su da ko dala ɗaya. Sun biya dala 40 a kan abin da bai taɓa hatsarin da ke gabansu ba.

Ta biyu daga kamfanin inshora kai tsaye, dala 45 kowane mutum, 90 su biyu. Jinkirinta daga awa 6 ne, tana mayar da abin da aka kashe har dala 150 kowane mutum. Tana da sashen jirgi ya bar ka har dala 500, ana cire 50, ta yarda da tikiti biyu da jirgin cikin gida muddin an bar tazarar awa 4. Su sun bar awa 5, sun cika sharaɗi. Za a biya su dala 400 kowane mutum a kan sabon tikiti, 800 ke nan, da dala 170 na masauki da abinci. Jimilla dala 970. Daren Madina biyu ba a biya ba, domin takardar ba ta da sashen da ke mayar da kuɗin masaukin da ba a kwana ba. Duk da haka dala 90 ta dawo da 970.

Ta yaya za a san ko hakan ciniki ne mai kyau tun kafin abin ya faru? Raba kuɗin inshorar da abin da za ta biya. 90 a cikin 970 kusan ɗaya ne bisa 11. Ma'ana, idan kana ganin a cikin irin wannan tafiya 11, aƙalla ɗaya za ta gamu da wannan matsala, kuɗin ya yi daidai. Jirgin safe daga garin da hazo ke rufewa a tsakiyar hunturu, da tazarar awa 5 kacal, mu a ganinmu ya cancanci a saya. Irin wannan tafiyar a tikiti ɗaya, a lokacin da sama take garau, ba ta cancanta ba.

Akwai kuma hanya ta uku da ya kamata a auna da waɗannan biyun. Su taho Abuja tun jiya, su kwana. Otal dala 60, abinci da mota dala 20, dala 80 ke nan, ƙasa da kuɗin inshora mai kyau. Ko jirgin ya makara awa 7 babu abin da ya same su, ko an soke shi ma suna da sauran lokacin neman wani jirgin ko bin mota. Ba su rasa daren Madina ba, ba su cike fom ba, ba su jira biya ba. Ga mai tikiti biyu, tazarar kwana guda ta fi kowace takarda kare shi daga jinkiri. Abin da ba ta karewa shi ne fasa tafiya saboda ciwo ko rasuwa, kuma wanda ya biya otal mai tsada ko yake tafiya da dattijo, saboda wannan sashen ne zai sayi inshora ko da ya bar tazarar.

Duba ko kana da ita tun da farko

Mai neman bizar Shengen, ta shiga yawancin ƙasashen Turai, dole ne ya sayi inshorar lafiya da ta kai aƙalla yuro 30,000. Wasu daga cikin waɗannan takardu suna ɗauke da ɗan sashen jinkiri da ɓatan kaya, wasu kuma lafiya ce zalla. Bizar Umara ma tana zuwa da inshora a cikin kuɗinta, sai a nemi takardarta a ga iyakarta. Wasu manyan katunan banki na da kariyar tafiya idan da su aka biya tikitin. Biyan kuɗi sau biyu a kan abu ɗaya ba ya ninka abin da za a ba ka, domin inshora asarar da ka yi take mayarwa, kuma tana cire abin da kamfanin jirgi ya riga ya ba ka.

Inshorar lafiya ta tafiya daban take da ta jinkiri, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Kwanciya asibiti a ƙasar waje na iya cinye dukiyar gida, don haka duk abin da aka faɗa a nan na cewa a wuce akwati, a kan jinkiri da sokewa ne kawai.

Wanda yake da damuwa a kan halaccin inshora ta zamani, akwai kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, masu lasisi a Najeriya, irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful, sai ya tambaye su abin da suke da shi na tafiya. Matakan dubawa iri ɗaya ne. Ko wanne ka zaɓa, tabbatar sunan kamfanin da zai biya yana rubuce a takardar, kuma in na Najeriya ne yana da rajista da hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM. Dandalin sayar da tikiti dillali ne kawai. Duba kuma sharaɗin mazauni, domin wasu takardun da ke fitowa a dandalin ƙasashen waje an yi su ne don mazauna Turai ko Amurka, kuma na'ura za ta karɓi kuɗinka ba tare da ta tambaye ka inda kake zaune ba.

Idan abin ya faru

Yawancin neman biyan da ake ƙi, rashin takarda ne ke kashe shi. Tun kana filin jirgi, je kantar kamfanin ka nemi shaida a rubuce da ke faɗin lambar jirgi, lokacin da ya kamata ya tashi, lokacin da ya tashi, da dalilin jinkirin. Idan ma'aikatan sun ce ba sa bayarwa a nan, karɓi adireshin imel na ofishinsu ka rubuta a ranar. Ɗauki hoton allon da ke nuna jinkirin, ka adana saƙon tes ko imel da suka turo. Kada ka yar da katin shiga jirgi, tsohon da sabon. Ka tabbatar ka yi rajistar shiga a kan lokaci ko da an ce jirgin zai makara, domin takardu da yawa ba sa biyan wanda bai yi ba.

Kira lambar gaggawa da ke jikin takardar inshorar kafin ka sayi sabon tikiti. Wasu kamfanoni na sharɗanta amincewarsu tukuna, kuma kujerar da suke biya ta daidai da ajin da ka saya ce tun farko. Kowane abu ka kashe wa kuɗi, karɓi rasit mai kwanan wata da sunan wurin. Ɗan tasi da mai abinci a bakin hanya ba sa bayarwa, saboda haka a irin wannan rana gara motar da ake kira ta manhaja da gidan abinci mai rasit. Tsaya a kan matsakaici, otal na alfarma ba za a biya shi duka ba.

Nemi haƙƙinka a wurin kamfanin jirgi tukuna, ka ajiye amsarsa ko ta ƙi ce, domin kamfanin inshora zai tambaye ta. Idan aka miƙo maka takardar bashin tikiti a madadin kuɗi, karanta kafin ka sa hannu, saboda karɓarta na iya rufe maka ƙofar neman tsabar kuɗi a wurinsu, kuma mai inshora zai ɗauka an riga an biya ka. Sannan ka duba wa'adin shigar da nema a takardarka. A wasu kwana 30 ne kacal daga ranar da abin ya faru ko ranar dawowa, don haka mai doguwar tafiya ya tura sanarwar farko ta imel tun yana can, ya haɗa da hotunan rasit, sauran takardun su biyo baya idan ya dawo.